Sunan wa za a rubuta a rajistar haɗura?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta samu tallafin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka uku, kuma masu ba da kuɗin sun ce sai mun kawo rajistar haɗura, wato teburin da ke jera abubuwan da za su iya kawo wa aikin cikas, da matakan rage illarsu, da sunan mai bibiyar kowanne. Abokan aikina sun ƙi a sa sunayensu don gudun kada a ɗora musu laifi idan abu ya lalace. Ko zan iya rubuta "kwamiti" kawai?

Amsa: Kada ka rubuta kwamiti, domin layin da ba shi da sunan mutum ɗaya babu wanda zai waiwaye shi sai bayan ɓarna ta auku.

Ɗauki layi guda daga aikinku. A gurbin haɗari ka rubuta sanadi tare da abin da zai haifar: ruwan sama na iya yanke hanyar ƙauyen da ke bayan rafi a watan Agusta, motar haƙa ta kasa shiga, aiki ya tsaya har kaka. Idan kuna auna yiwuwar aukuwa da girman illa daga 1 zuwa 5, kuka ba kowanne 4, sai a ninka su a samu 16 cikin 25, wanda ya isa ya kai layin saman tebur. Matakin rage illa shi ne a fara haƙa a wannan ƙauyen, kuma ɗan kwangila ya ba da ranar shiga a rubuce kafin ƙarshen Mayu. A gurbin ƙarshe, na mai alhaki, sai sunan jami'in da ke kula da aikin a ƙauyen.

Tsoron abokan aikinka ya samo asali ne daga wata gurguwar fahimta da nake fama da ita kullum, wato ɗaukar mai alhaki a matsayin wanda za a hukunta. Jami'in nan ba shi da iko da ruwan sama, kuma babu mai hankalin da zai tuhume shi don hanya ta yanke. Abin da za a tambaye shi a taro shi ne ko ya karɓo takardar ɗan kwangila, ko ya je ya duba rafin, ko ya sanar da shugaba da wuri. Idan ya yi waɗannan, rajistar ce ma za ta wanke shi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu kiran kansu ƙwararru da ke sayar wa ƙungiyoyi tebur kwafaffe, kowane layi "hukumar gudanarwa", kowane mataki "a sa ido". Wa zai sa idon, kuma yaushe? Irin wannan takarda tana gamsar da ofis, amma ranar da mota ta maƙale a laka kowa zai ce ya zaci wani ne ke bibiya.

Sai dai ka ba mutum abin da yake da ikon aiwatarwa. Haɗarin tashin farashin bututu na ma'aji ne, tunda shi ke iya sayen kaya da wuri. Ka zauna da kowa ya amince da matakinsa kafin ka rubuta sunansa, sannan ku duba rajistar a taron kowane wata, ku sauya makin idan yanayi ya sauya.