Me ya sa tsohon mim yake ba mu kunya?

"Jama'a, jiya na ci karo da hotunan barkwanci, wato mim, da nake turawa shekara goma baya, sai kunya ta rufe ni. Alhali a lokacin har ƙwalla nake yi don dariya. Me ya canza?"

Ɗan'uwa, na daɗe ina bibiyar wannan harka, kuma abin da na lura shi ne duk mim saƙo biyu yake ɗauke da shi. Akwai barkwancin da ke rubuce, akwai kuma wanda ba a rubuta ba: "ni ma ina cikin waɗanda suka gane." Na biyun ne ke saurin lalacewa. Ranar da kowa ya gane, har kamfanoni suka fara talla da shi, wanda ya tura shi ya nuna an bar shi a baya ke nan. Kunyar daga nan take.

Ɗauki Doge. Hoton wata karya ce 'yar Japan mai suna Kabosu, an ɗauke shi a 2010. A 2013 ya bazu, ana zagaye fuskarta da rubutu kala-kala na Comic Sans, da Turancin da aka karya da gangan, irin su "such wow". Daɗinsa a lokacin shi ne sai wanda ya san ƙa'idar karya Turancin zai iya ƙirƙiro nasa. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe kuɗin intanet na Dogecoin da fuskarta, masu talla da 'yan siyasa suka shigo. Ba a jima ba, duk wanda ya tura shi da zuciya ɗaya sai a yi masa shiru.

Amma bai mutu ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A 2020 ya dawo da sabon fasali: Doge mai ƙirar ƙarfi a gefe guda yana wakiltar mutanen da, wani kare mai rauni a ɗaya gefen yana wakiltar na yau. Ka ga tsufan nasa ya zama kayan aikin barkwancin. Da Kabosu ta mutu a watan Mayun 2024, hoton nan dai mutane suka riƙa sakawa, ba mai dariya, kewa ce kawai.

Idan kana son sanin inda mim ya kai, duba ko har yanzu ana sarrafa shi, ana sauya masa rubutu da siffa. In maimaita shi kawai ake yi kamar yadda yake, ya shiga shekarun kunya. Naka na shekara goma kuwa kada ka goge su, don Allah. Tura ɗaya ga wanda kuka yi dariyar tare a wancan lokaci, za ka ga hirar ta koma kan inda kuke da abin da kuke ciki a shekarar.