Kaji, kujeru ko gyara: wanne ɗan koyon kafinta zai fara?

"Maigida, na tara ajiyar wata shida, ina so in kama wani abu a gefe. Ko kiwon kaji, ko in riƙa ƙera ƙananan kujeru ina sayarwa, ko gyare-gyare a gidajen mutane. Wanne ya fi?"

Ɗana, kafin ka taɓa kuɗin nan, fara ƙirga awoyinka. Kwana shida kana shago har yamma. Idan ka cire gajiya da hidimar gida, abin da zai rage maka bai wuce awa 2 ba a yammaci huɗu, sai awa 6 ranar hutu. Awa 14 ke nan a mako. Da su za ka auna kowace sana'a, kuma ka tambayi kowacce: in ban zo yau ba, za ta jira ni gobe?

Kaji ba sa jira. Ɗauki 'yan tsaki 50 na nama. Cikin mako 6 zuwa 8 suke kai sayarwa, shi ya sa suke jan hankalin matasa. Amma kuɗin 'yan tsakin ƙarami ne a lissafin. Abinci ne ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da za ka kashe, don kowace kaza za ta ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa kasuwa, wato sama da kilo 200 gaba ɗaya. Ga keji, ga ɗumi a makonnin farko, ga rigakafi. Ajiyarka za ta iya ƙarewa a mako na huɗu, daidai lokacin da cinsu ya ƙaru, sai ka shiga bashi ko ka sayar da su ba su kai ba. Aikin kansa kamar awa ɗaya ne a rana, sai dai safe da yamma ne, kwana bakwai, ba fashi. Ranar da muka tafi ɗaura ƙofofi muka kai dare, wa zai canza musu ruwa?

Yanzu auna haɗarin. A ce duk ɗarin da ka zuba kana sa ran 115 ta dawo. To sai ka sayar da 44 cikin 50 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Bakwai suka mutu bayan sun ci abinci, ka faɗi. Ko ba su mutu ba, duk ranar da suka ƙara a keji bayan sun kai, ribarka suke ci. Ban ce kiwo ba shi da albarka ba, amma na mai wani a gida ne, wanda kuma zai iya jure asarar zagaye guda.

Kujeru sun fi sauƙi. Ba sa ci, ba sa mutuwa, kuma hannunka ya riga ya san aikin. Matsalarsu kuɗi ne ke kwanciya a cikinsu, kuma neman mai saye na iya cin lokaci fiye da ƙerawar. In za ka gwada, yi uku kawai da busasshen katako, don ɗanye yana lanƙwashewa ya buɗe haɗi. Suka yi wata ba a taya ba, kar ka yanka na huɗu.

Ni gyara zan zaɓa maka. Jarinsa zarto, guduma, tef ɗin awo, gam da ƙusa, kuma ko aikin bai karɓe ka ba, kayan na nan a hannunka, su ne ma za ka buɗe shagonka da su. Wanda ya ba ka aikin ne ke biyan kuɗin katako da makulli, don haka ka karɓi kafin alƙalami kafin ka sayi komai. Ƙofar da ke gogar ƙasa ko kujerar da ƙafarta ke rawa za su jira ka har ranar hutu. Haɗarinsa biyu ne: ka ɓata kayan mutum, ko ka gama a hana ka kuɗi. Na farkon, kar ka karɓi abin da ba ka taɓa yi a gabana ba, kawo mini in duba. Na biyun, ku yanke kuɗin aiki kafin ka buga ƙusa ɗaya. Kuma ka sani yana da iyaka, ba zai wuce abin da awa 14 za su bayar ba.

Sayi kayan da bai wuce sulusin ajiyarka ba, sauran ka bar su. Samu littafi ka riƙa rubuta kowane aiki: awa nawa har da tafiya, nawa ya rage bayan kuɗin mota da ƙusa. Bayan wata uku ka raba ribar da awoyin, ka kawo mini mu duba ko lokacin ƙara kujeru ya yi. Sharuɗɗana biyu: ban da kwastomomin shago, kuma kar in ga kana gyangyaɗi kusa da injin yanka.