Amsa ga ɗan'uwan da Alhajar Ibadan ta daina amsa wa gaisuwa

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna ya sa ni hulɗa da Yarabawan da ke zuwa sayen albasa wurinmu a Aliero, na fara tsintar yarensu. An ce min in riƙa sa 'e' idan ina magana da babba, kuma ina sawa. Amma wata Alhaja da ke zuwa daga Ibadan ta ɓata rai da na yi mata magana, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa. Ina kuskuren yake, kuma ta yaya zan gane wanda ake girmamawa da wanda ba a yi wa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da ka faɗa shi na faɗa, kuma a kan albasar nan tamu. Wanda ya ce maka ka riƙa sa "e" bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya ba ka, kuma wancan rabin da ya bari shi ne ya ja min asarar da har yau ban manta ba.

"E" biyu ce a Yarabanci. Akwai wadda ke zuwa a gaban kalmar aiki, ita ce "ku" ɗinmu, ita ce ta girmamawa. "E kaaro", ina kwananku. "E she", kun kyauta, wato na gode. "E wa", ku zo. Sa'anka ko ƙanenka kuwa "kaaro", "o she", "wa" kawai za ka ce masa. Wannan duk ka sani. Amma akwai wata "e" da ke zuwa a bayan aiki ko bayan sunan abu, ita kuma "ka" ce ko "ki", "naka" ko "naki". Idan ka ce "mo ri e", cewa ka yi na gan ka, irin yadda za ka faɗa wa yaron da ke ɗinke maka buhu. Idan babba ne, a wannan gurbin "yin" ake sawa: "mo ri yin", na gan ku. "Owo e" kuɗinka, "owo yin" kuɗinku. "Moto e" motarka, "moto yin" motarku. A kunnen Bahaushe duk "e" ce, shi ya sa muke jefa ta ko'ina muna ganin ladabi muke zubawa. Ka zauna ka tuna kalmomin da ka faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, ina kyautata zaton a nan za ka tarar da ɓarnar.

Ni nawa ya faru ina sabon shiga, lokacin babban wana ne ke riƙe da harkar. Akwai wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana saye hannunmu, tun mahaifinmu na da rai. A shekaru ta haifi babban wan nawa ma, ba ni ba. Ran nan ta ɗauki buhu arba'in, ta miƙo kuɗi a leda, aka ce in ƙirga. Na ƙirga sau biyu, kuɗin buhu ɗaya babu. Akwai wani abokin sana'armu da ya daɗe a kasuwar Bodija ta Ibadan, Yarabanci a bakinsa kamar can aka yanke masa cibiya, shi ke koya min. Na matsa kusa da shi na tambaye shi a hankali yadda zan gaya mata. Ya ce in ce "owo e o pe". Na ce da ladabi dai ko? Ya ce ba ga "e" nan a ciki ba. Na juya, gaban direbanta, gaban yaranta biyu, gaban masu lodi, na ɗaga murya don ta ji saboda ƙarar mota, na ce, "Mama, owo e o pe."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ta dafa ƙirji ta ce "Emi?", wato ni? Sai ta ce "She egbe e ni mi?", wanda daga baya na gane cewa ta yi ni sa'arka ce? Ta juya wajen yayana da Hausarta ta kasuwa ta ce ba a koya wa yaron nan tarbiyya a gida ba. Wannan kalmar ita ta fi yi min ciwo, don mahaifinmu bai cika shekara da rasuwa ba, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda ya riƙe mu. Ta sa aka sauke buhunan da an riga an ɗora. Yayana ya finciko ni gefe yana cewa, "Mi kac ce mata? Mi kac ce mata?" ni kuwa ina rantsuwa da ladabi na yi magana. Shi kuma wancan mutumin yana tsaye, bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki ya ce ni na gaya masa, yaro bai sani ba, da magana ta mutu a wurin. Bai yi ba. Kafin la'asar a wurinsa ta yi lodi. Mutumin da muke ci kwano ɗaya da shi, wanda mahaifina ya taɓa tsaya masa da aka riƙe masa kaya. Na yi kwana uku ban fita kasuwa ba, abinci ma ba ya shiga. Albasar nan kuwa sai da ta ƙara kwanaki a rudu, inda muke adana ta, wasu suka fara ruɓewa, muka sayar da ita a karye. Har yau muna gaisawa da shi, na bar shi da Allah, amma ban ƙara tambayarsa ko sunan gishiri da Yarabanci ba.

Abin da ya kamata in ce shi ne, "E jo ma, owo yin o pe", don Allah Mama, kuɗinku bai cika ba. Wanda ya fi ma, kada in jingina kuɗin gare ta sam, in matsa kusa in rage murya in ce "E jo ma, o ku die", saura kaɗan. Kuskuren lissafi ne kawai ta yi, ni kuma na faɗe shi da kalmar da ake yi wa yaro, a bainar jama'a.

Abin da ke ruɗa mu shi ne a Hausa abin ba dole ba ne. Kana iya ce wa mahaifinka "Baba kun tashi lafiya?", kana iya cewa "Baba ka ci abinci?", ba wanda zai ce ka yi rashin kunya. Sarki ma da kansa "ranka ya daɗe" ake ce masa, da "ka". Mu girmamawarmu ta fi zama a durƙusawa, da sakaya suna, da Malam da Alhaji da Inna. Su kuwa tana cikin jimlar kanta, duk inda ka ambaci mutum sai ka zaɓa. Dabarar da ta fisshe ni, wani tsohon direba Bayarabe da ke zaune a Jega ya ba ni ita: idan kana gaban babba, ka ɗauka mutum uku ne a tsaye. Duk abin da za ka faɗa wa mutum uku, shi za ka faɗa masa. "Eyin" maimakon "iwo", wato ku maimakon kai. Kuma ko ba ya wurin haka za ka yi. Idan yaronta ya tambaye ka ina Alhaja, kada ka ce "o ti lo", ta tafi. Ka ce "won ti lo", sun tafi, kamar dai yadda muke cewa su Baba sun fita. Yaran nan suna kai rahoto, kada ka ɗauka don ba ta ji ba shi ke nan.

Batun wa ake yi wa, ni dai ga yadda nake yi. Duk wanda ya girme ni, ko da shekara ɗaya ce ko biyu, "e" da "yin". Duk baligin da ban sani ba, haka. Duk mai sayen kayana, haka, ko da na girme shi, sai in shi ya fara sakewa da ni muka zama abokai. "O" kuwa, wato "ka" ko "ki" irin ta "o she", na bar wa yara da 'yan lodi ƙanana da abokan da muka saba har muna wasa. Idan ka yi wa ƙaramin yaro "e", iyaka a yi murmushi a gyara maka. Idan ka yi wa babba "o", ciniki ne zai tafi. Sai ka kula da wani abu: ita za ta riƙa ce maka "o" da "iwo", haƙƙinta ne, kada ka ɗauka yadda ta yi maka haka za ka mayar. Mu masu koyo da kunne a nan muke zamewa, muna maimaita abin da muka ji an faɗa mana. Haka "bawo ni" da kake ji samari na yi wa juna, kada ka tari dattijo da ita. Ka ce "e kaabo" in ta iso, "e ku ishe" in ka tarar tana aiki, ka ƙara "ma" ga mace, "sa" ga namiji. Sunanta na yanka kuwa ko ka gan shi a rasit kada ya fito bakinka, Alhaja ko Mama ta wadatar.

Na san wani zai ce to a yi mata Hausa mana a huta, ai a garinmu take. Gaskiya ne a Aliero kana iya yin haka. Amma ranar da kawunka ya ɗora ka kan mota kuka bi ta Yawuri da Kontagora, kuka haye Jebba kuka wuce Ilori, can ba ka da wannan zaɓin. Kuma duk wanda ya ga rikicin da ya faru tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021 ya san zaman kasuwa a ƙasar mutane yana son taka-tsantsan da harshe. Ni tun daga lokacin ko ɗan dako na ɗauka a can sai na zaunar da shi na koya masa "e jo" da "e ma binu" kafin ya taɓa buhu.

Yanzu gyara. Kada ka aika a ba ta haƙuri, kada kuma ka yi ta waya. Ka jira ta zo, ka sa kawunka ya raka ka, ka bari sai mutane sun ragu. Su mazansu kwanciya suke yi rub-da-ciki gaban manya, amma ba ta jiran wannan daga gare ka, durƙuson da kake yi wa iyayenka ya isa. Ka ce "E ma binu ma, mi o mo", ku yi haƙuri Mama, ban sani ba. Ka ƙara da "e dariji mi", ku yafe min. Sannan ka gaya mata da Hausa cewa koyo kake, in ka yi kuskure ta gyara maka. Kada ka tsaya kare kanka da cewa wane ne ya koya maka, ni na yi haka a zuwan farko sai ta ga kamar gardama nake. Sai a zuwa na biyu, da na durƙusa na faɗi kalmomin nan kawai na yi shiru, ta dafa kaina ta ce "omo mi", ɗana. Ta dawo saye wurinmu a kakar da ta biyo baya, kodayake ba ta ƙara ɗaukar arba'in ba, rabi take yi ta kai rabi wurin wancan.

In ka tuna ainihin jimlar da ka faɗa mata, rubuto ta yadda ta fito bakinka, in nuna maka gurbin da "yin" ya kamata ta shiga kafin Alhajar ta sake zuwa lodi.