Rahoton kuɗin zango: abin da ka tantance da abin da bai yi daidai ba

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, kuma ni ne ma'ajin wata makaranta mai zaman kanta. Shugaban makarantar ya ce in rubuto masa rahoton kuɗin wannan zango. Rasit ɗinmu sun nuna 4,200,000, takardar banki ta nuna 4,120,000. Na san akwai tsabar kuɗi 80,000 da aka kai banki a makare. In rubuta cewa komai ya yi daidai?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Giɓin 80,000 ya zo cif da kuɗin da aka kai a makare, kuma wannan dacewar ce ke sa ma'aji ya saki jiki. Jimla biyu suna iya haɗuwa alhali a ƙarƙashinsu akwai kurakurai biyu da suka rufe wa juna asiri.

Kafin ka rubuta "an tantance" a kan kowane adadi, sai ka gan shi a wuri uku: rajistar ɗalibai, kwafin rasit, da takardar bayanin asusu ta banki. Fara da rajista. Mu ɗauka ɗalibai 120 ne, kowa 40,000, ka ga 4,800,000 ke nan. Idan shida an yi musu rangwamen rabi da sa hannun shugaba, a cire 120,000, abin da ya kamata a karɓa ya zama 4,680,000. Tunda rasit sun tsaya a 4,200,000, bashin da ke kan iyaye 480,000 ne, kuma dole ka iya jera sunayen waɗanda ake bi har su cika wannan adadi.

Daga nan sai aikin da ke cin lokaci. Ka ajiye rasit a dama, takardar banki a hagu, ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya kana sa alama da biro a duka ɓangarorin. Kana yi kana duba lambobin rasit, domin lambar da aka tsallake tana buƙatar bayani, ko da soke ta aka yi. Abin da ya rage babu alama shi ne rahotonka na gaskiya.

A ce ka gama, abu uku suka rage. Akwai rasit biyu na tsabar kuɗi, 80,000 ɗin da ka ambata, waɗanda aka zuba bayan ranar da takardar banki ta rufe. Akwai rasit ɗaya na 40,000 da aka yanka wa wani uba saboda ya nuna hoton alat a wayarsa, amma kuɗin bai bayyana a asusu ba. Sannan ga wata 40,000 da ta shigo banki da sunan da babu shi a rajista, ba a kuma yanka mata rasit ba. Biyun ƙarshe sun share juna, shi ya sa ka ga giɓin 80,000 kawai.

Zuciya za ta ce maka ai kuɗi ɗaya ne, wataƙila wani ɗan'uwan uban ne ya tura masa. Tana iya yiwuwa. Amma idan wata uwa ce daban ta biya ba ta zo karɓar rasit ba, to ɗanta yana cikin jerin masu bashi bisa kuskure, gobe a kore shi daga aji, shi kuwa mai hoton alat yana zaune bai biya ba. Kwanan wata da lambar shaidar turawa su ne za su raba gardama, don haka ka nemi uban ya kawo su.

Ga yadda zan tsara maganar in ni ne:

"Na gwada rasit da takardar banki har zuwa ranar da ta rufe. Na tantance 4,080,000, kowane rasit da shigarsa a banki. Ban tantance 80,000 ba tukuna: takardar zubawa tana hannuna, ina jiran takardar banki ta gaba. Abu biyu ba su yi daidai ba: rasit na 40,000 da kuɗinsa bai shigo ba, da shigar 40,000 da ba a san mai ita ba. Ban haɗa su ba, domin ba ni da shaidar cewa kuɗi ɗaya ne."

Ka sa lambar kowane rasit da kwanan watansa, da wanda zai bi sawun kowanne da ranar da zai dawo da amsa. Kada ka rubuta "an sace" ko ka ambaci sunan ma'aikaci da zargi, faɗi abin da takarda ta nuna ka tsaya nan. Kuma kada ka goge ko ka gyara tsohon rasit don lissafi ya zauna. In gyara ya kama, a yi sabon shigarwa da kwanan wata da sa hannu.

Ita kuwa 40,000 marar suna, ka riƙe ta a layi na daban a littafinka, kada ka zuba ta a lissafin kowane ɗalibi har sai mai ita ya zo da shaida.