Sunan Muƙami da Ainihin Aikin da Mutum Ya Yi

Tambaya: "Na ba da sanarwar neman manajan sito. Wanda ya fi kwanta mini a rai, takardunsa sun nuna akawu ya yi, daga baya ya zama jami'in gudanarwa, babu inda aka taɓa kiran sa manaja. In ajiye takardarsa gefe?"

Malam, kada ka ajiye ta tukuna. Kowace ma'aikata ita ke raɗa wa muƙamanta sunan da ta ga dama, shi ya sa za ka tarar da wanda ake kira manaja a wurin da ma'aikata uku ne kacal, alhali wani akawu a babban kamfani yana riƙe da kayan da suka ninka nasa sau goma. Na fi jin tsoron na farkon, domin sunan yakan sa a ɗauke shi ba tare da bincike ba.

Ka fara da rubuta ainihin abin da kake so a yi maka a siton, wato karɓar kaya da duba su, fitar da su bisa takarda, ƙidaya a ƙarshen wata, da kula da masu lodi. Idan kun zauna, ka ce ya ba ka labarin yini guda na aikinsa na baya, tun daga buɗe ƙofa har rufewa. Ka tambaye shi wa ke riƙe makulli, sa hannun wa ake bukata kafin kaya su fita, kuma wa ake tuhuma idan aka sami giɓi. Wanda ya yi aikin da hannunsa zai amsa da "ni ne", ya kawo adadi, wanda kuwa kallo kawai ya yi, za ka ji yana ta cewa "mukan yi".

Daga nan sai ka gwada shi da shafi ɗaya na littafin kaya. An wayi gari da katan 240, an shigo da 60, an fitar da 85, amma ƙidaya ta nuna 209. Gano cewa 215 ya kamata a samu, wato 6 sun ɓace, ba wani abin wahala ba ne ga akawu. Abin da za ka lura da shi shi ne inda zai fara nema. Wanda ya san sito zai nemi takardun fitar da kaya ya gwama su da littafi, ya tambayi ko akwai kayan da suka lalace ko waɗanda aka dawo da su ba a rubuta ba, ya sake ƙidaya, kafin ya ambaci sata.

Gwajin nan ba zai nuna maka ko ya iya shugabantar mutane ba, kuma a nan ne akawu da yawa ke da rauni. Saboda haka ka nemi izininsa ka tuntuɓi tsohon maigidansa, ka tambaye shi mutum nawa ke karɓar umarni daga gare shi, da kuma ko ya taɓa barin siton a hannunsa ya yi tafiya.