Na kashe sabar amma har yanzu ana cirar kuɗi a katina

Tambaya: Salam 'yan uwa. Wata biyu kenan da na danna Stop a sabar da na buɗe a AWS, amma kowane wata sai an cire min wajen dala 14. Akwai bokitin S3 ma da na goge fayilolin ciki. Me ya rage kuma?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Stop ɗin nan shi ne inda yawancinmu muka fara tuntuɓe, ni ma na taɓa biyan wata uku a banza kafin na gane, kuma laifina ne don ban karanta bil ba. Idan ka danna Stop, kuɗin awannin da injin ke aiki ne kawai ya tsaya, amma diskin da ke jikinsa yana nan an ajiye maka, kuma kuɗin ajiya ba ruwansa da injin na kunne ko a kashe.

Kafin ka goge komai shiga Billing ka buɗe Bills, ka bi layi-layi, zai nuna maka sunan abin da ya ci kuɗin da kuma yankin da yake. Yankin nan ka kula da shi sosai, don shafin EC2 yanki ɗaya yake nunawa a lokaci guda, sai ka duba Frankfurt ka ga wayam alhali kayanka na N. Virginia.

Bari in yi maka lissafi da farashin N. Virginia ka ga yadda 14 ke haɗuwa. Diski irin gp3 mai giga 100 dala 8 ne a wata. Elastic IP, wato adireshin da aka keɓe maka da ba ya canzawa, guda ɗaya wajen dala 3.6, tun Fabrairun 2024 ma duk adireshin IPv4 na waje sai an biya ko ana amfani da shi ko ba a yi. Sai Snapshot, wato kwafin diski da aka adana, mai giga 50, dala 2.5. To ka gani, injin a kashe amma 14 ta cika. Ban ce naka daidai haka yake ba amma zan yi mamaki in ya yi nisa da haka.

In akwai abin da kake so a cikin sabar ka sauke shi tukuna, don Terminate ne ke goge ta gaba ɗaya kuma ba ta dawowa. Bayan ka danna Terminate je Volumes, domin babban diskin yakan tafi tare da sabar amma wanda ka ƙara daga baya yana zama, za ka ga an rubuta masa available, ma'ana ba ya jikin kowa kuma yana cin kuɗi. In kana amfani da AWS CLI a terminal wannan zai fito maka da su:

```
aws ec2 describe-volumes --region us-east-1 --filters Name=status,Values=available
```

Elastic IP kuma Release ake yi masa, Disassociate kaɗai bai isa ba, cire shi kawai ka yi daga jikin sabar amma yana nan da sunanka.

Snapshots su ne masu taurin kai. Za ka danna Delete ya ƙi, ya ce wani AMI, wato kwafin sabar da ake tada sabuwa da shi, na amfani da shi, to sai ka fara zuwa AMIs ka yi Deregister sannan ka dawo ka goge. Kuma kar ka goge guda ɗaya cikin biyar ka zauna jiran kuɗi ya ragu sosai, kowanne canjin da aka samu ne kawai yake ɗauka, in ka goge tsohon sai a bar duk bayanan da na bayansa ke buƙata. In ka gama da aikin gaba ɗaya ka share su duka.

Bokitin ma ina zargin bai zama fanko ba. Idan Versioning na kunne, gogewar da ka yi alama kawai ta ɗora a kan fayil ɗin, asalinsa yana ƙasa ana lissafa shi. Kunna Show versions ka gani da idonka, in sun fito yi amfani da Empty sannan Delete ga bokitin kansa.

Abu ɗaya da ya taɓa rikita ni, na goge sabar na dawo bayan minti kaɗan na tarar da sabuwa ta tashi, ashe Auto Scaling group ne, tsarin da ke tada sabuwar saba in wata ta ɓace, ke mayar da ita, sai da na goge shi tukuna aka samu lafiya.

Bayan ka gama kar hankalinka ya tashi in bil na gaba ya zo da ɗan kuɗi, na kwanakin da kayan suka yi ne kafin ka goge. Ba shi kwana biyu ka buɗe Cost Explorer ka sa shi a Daily, in ranakun bayan gogewar sun sauka sifili ka gama, in akwai saura ka turo mana sunan layin da ke cikin Bills mu duba tare.