Asarar bara, harajin bana

"Jama'a, kamfaninmu na casar shinkafa ya tafka asara bara, bana kuma Allah Ya ba mu riba. Akanta ya ce za a cire waccan asarar kafin a yanka mana haraji. Da gaske ne?"

Da gaske ne, Alhaji, akantanka bai yi maka ƙarya ba. A Najeriya kamfani yana jan asararsa zuwa shekarun gaba har ta ƙare. Da can shekara huɗu ce iyaka, gyaran dokar 2007 ya ɗage ta. Baya dai ba a komawa, wato harajin da ka riga ka biya ba za a dawo maka da shi ba.

Inda na fi ganin mutane suna tuntuɓe a wannan aiki shi ne su ɗauka asarar da ke littafinsu ita ce hukuma za ta karɓa. A'a, sai an tace ta. A ce a 2023 littafi ya nuna asarar naira miliyan 40. A ciki akwai miliyan 10 na raguwar darajar injuna, da miliyan 2 na tara da kuɗin makarantar yaran maigida da aka cusa cikin kashe-kashen kamfani. Duk za a fitar da su, asarar haraji ta koma miliyan 28. (Injuna suna da nasu rangwamen daban, na ajiye shi gefe don kada lissafin ya cakuɗe.)

A 2024 aka sami ribar miliyan 18. Asara ta cinye ta kaf, saura miliyan 10 a ajiye. A 2025 riba ta kai miliyan 50, a cire ragowar 10 ɗin, a yi haraji a kan 40. Idan cinikinku ya kai na masu biyan kashi 30 cikin 100, miliyan 12 ke nan maimakon 15. In ka haɗa shekarun biyu, asarar ta rage muku miliyan 8.4.

Amma kada ka ce a 2024 ɗin ko sisi ba a biya. Harajin ilimi na kashi 3 da ake biya a wancan lokacin, a kan miliyan 18 ɗin aka lissafa shi, kafin a cire asara, naira 540,000 ke nan. Sannan asarar casa daga ribar casa kaɗai ake cire ta. In kamfanin yana da wata sana'a daban, kamar sufuri, ba ta tsallakawa can.

Abin da za ka tambayi akanta yau: shin ya kai wa hukumar haraji bayanan shekarar asarar, da asusun da aka tantance, cikin wata shida bayan rufe shekara? Da yawa sukan ce ai babu riba, me za a kai. Ranar da jami'an bincike suka zo, rasit da takardun banki na waccan shekarar za su nema, kuma abin da ba ka iya nunawa soke shi suke yi.